Gugar Kan Yaya

Matajin ƙarfen nan a cikin kwalin kaya ya shigo gidanmu a Gure, tsakiyar shekarun saba'in, bayan babban fari ya lafa. Baba yana da kanti a bakin kasuwa, daga Kano yake saro kaya. Wani dillali ne ya jefa masa shi a matsayin gyara. Ƙarfe ne mai nauyi, haƙoransa a matse, mariƙinsa na itace. Baba ya juya shi ya sake juyawa, ya yanke hukunci cewa na taje wutsiyar doki ne, ya rataye shi kusa da fitilu. Wata biyu babu wanda ya taya.

Ranar da asirinsa ya tonu ina kantin, na kai wa Baba fura. Madam ɗin da ta koyar da ni a lakwal, makarantar boko, ta shigo sayen sabulu. 'Yar Yamai ce, gashinta kullum a kwance luf har wuya, mu kuwa a aji mun gama yarda cewa haka Allah ya halicce ta. Ta ga matajin, ta yi dariya, ta ce wa Baba ai na mata ne, a kan garwashi ake ɗora shi, in ya yi zafi a taje gashi ya miƙe. Ta karɓi sabulunta ta tafi. Iyakar karatun da na yi a wannan sana'a ke nan, kuma da shi na buɗe makaranta.

Shekarata goma sha biyar lokacin, kuma ina da wani ciwo da har yau bai sake ni ba: in na ji rabin magana sai in ƙarasa sauran da kaina. A gidanmu ni ce mai guga. Rigunan Baba na Juma'a ni nake goge su da dutsen guga na gawayi, har maƙwabta suna yabo. Na san cewa yadi ba ya miƙewa sai an yayyafa masa ruwa, na san dutse in bai yi zafi sosai ba ɓata lokaci ne, na kuma san wurin da ya yi taurin kai sai a koma masa sau uku, sau huɗu. Sai na ce a raina, to mene ne bambancin gashi da shadda? Duk tamoji ne ake son a kashe.

Kaina ba zan iya gogewa da kaina ba, don haka na nemi kan aro. Yayata ta girme ni da shekara huɗu, kuma duk unguwarmu babu mai gashinta. Baƙi wuluk, cike, in an tsefe shi ɗankwali ba ya iya rufe shi. Ƙanwar kakarmu, wadda muke kira Goggo, ita ke mata kitso tun tana goye. Makitsiya ce ta gaske, har daga Gamu mata ke zuwa wurinta. Takan ce kan Yaya gonarta ce, ita ta share, ita ta shuka, kuma ita za ta girbe ranar aure.

Ranar auren kuwa an sa ta. Wani saurayi mai yi wa dabbobi allura, ɗan Kelle, shi Yaya ta zaɓa, aka tsayar da biki bayan kaka. Danginsa Mangawa ne, mutanen da ba sa wasa da kan mace. A al'ada, ranar kitson amarya gwaggwanninsa za su zo su zauna, a cire wa amarya ɗankwali a gabansu, a wanke kai, a kitse, suna kallo. Abin da suka gani a ranar shi za su riƙa ba da labari har jikoki. Yaya ta san haka, ni ma na sani. Amma a cikin tsofaffin jaridun da Baba ke ƙunshe kaya akwai hotunan matan birni da gashi a kwance, kuma Yaya ta daɗe tana ɓoye su a ƙarƙashin tabarma.

Muka yi sa'a, wai, Goggo ta tafi Bune jinyar wata 'yarta da ta haihu. Ranar da ta hau mota, ranar na roƙi Baba matajin dokinsa.

A bayan ɗakin girki muka kafa sansani. Na hura gawayi a murhu, na cusa matajin cikin garwashi har bakinsa ya soma canza launi. Yaya ta wanke kai ta zauna a kan kujera 'yar tsugune, ruwa na ɗiga. Na lafta mata man gyaɗa, na ɗauko ƙarfen, na sa. Sai ga ƙara, cuuu, hayaƙi ya tashi.

Yaya ta ce, "Ke, lafiya kuwa?"

Na ce, "Haka yake yi. Ba kya jin dutsen guga? In bai yi kuka ba bai ci ba."

Ban san ruwan da ke cikin gashin ne yake tafasa ba, man kuma yana soya abin da ya rage. Wurin da bai kwanta ba na sake yayyafa ruwa da yatsu, na koma masa. Da muka gama, gashin Yaya ya sauko har kafaɗa, yana sheƙi. Ta ɗauki madubi ta daɗe tana kallon kanta. Daga baya ta ce, "Ashe ke ma kina da amfani." A duk rayuwata ba ta taɓa yaba mini haka ba, kuma wannan kalma ce ta ƙarasa lalata ni.

Matsalar ita ce, kwana biyu in ta yi gumi a gindin murhu, gashin ya koma gidansa na jiya. Sai mu sake. Daga sati-sati muka koma duk bayan kwana uku. Ƙaurin kuwa ba a magana. Wata rana maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce wa Inna, mahaifiyarmu, "Maƙwabtaka ta ƙare ke nan? Sau uku ke nan kuna babbakar kai da ƙafa a satin nan, ko romo ba mu gani ba." Inna ta rantse mata rabonmu da yanka tun Layya. Matar ta tafi ba ta yarda ba, ta yi sati tana amsa gaisuwarmu da hanci.

Alamu sun zo, ba za a ce ba su zo ba. Ni ce dai na iya ba su wata fassara. Bakin gashin ya soma ja-ja kamar gemun masara, na ce hasken rana ne. In na taje, ƙananan guntaye suna zuba a kan zanen Yaya, ba dogayen silin da kowace mace ke gani a mataji ba, guntaye gajeru, na ce tsohon gashi ne yake ba sabo wuri. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne, a wata na biyu, ko an wanke kan rabin gashin ba ya komawa ya nannaɗe, yana nan a miƙe, a sake. Na buga ƙirji na ce, "Kin gani? Ya fara koyo." Har alfahari na yi da gawa.

Sai kuma aka tafi Damagaram sayen kayan ɗaki, Inna da Yaya. A can wata ƙawar Yaya ta kai ta gidan wata mata 'yar bakin teku mai gyaran gashi, inda akwai lantarki. Yaya ta dawo tana ba ni labarin wata tukunya da ake kifa wa mace a ka, tana hura iska mai zafi gashi ya bushe. Matar ta taɓa kan Yaya ta ce ya gaji, a bar shi ya huta. Yaya ta ce ita daga Gure ta zo, ba za ta koma haka ba. Ta shiga tukunyar, kuma da matar ta juya baya ta murɗa makunnin zuwa ƙarshe don a gama da wuri kafin Inna ta neme ta. Ta zauna kunnuwanta na zogi, ta daure, don a ganinta zafin shi ne aikin. A wannan fannin jininmu ɗaya.

Bayan sati ɗaya da dawowarsu, Yaya ta kira ni ɗaki da hantsi, ta sauke ɗankwali. A ƙeya gashin ya karye ya bar wani fili kamar inda akuya ta yi kiwo. Gefen kunne ya yi shara-shara, ana ganin haske ta cikinsa.

Inna da ta gani, ba ta tambayi kowa komai ba, ta ce bakin mutane ne. Yarinya za ta yi aure, ga gashi, ga kyau, me ake jira? Ta aika wurin malam aka kawo rubutu, rabi a sha, rabi a shafa. Baba ya ce shi a ganinsa ruwan rijiyar nan ne mai kanwa. Ni da Yaya muka goyi bayan kowa. Ni har na ƙara da cewa na ga maƙwabciya tana kallon kan Yaya da wani irin ido. Allah ya yafe mini, matar nan romo kawai take nema.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Saura wata uku biki Goggo ta dawo. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta ce a kira mata Yaya ta ga gonarta. Yaya ta zo da ɗankwali ɗaure har gira, ta ce kanta ke ciwo. Goggo ta miƙa hannu ta zare shi.

Na ɗauka za ta yi salati ta tara mana jama'a. Ba ta yi ba. Ta ce a kawo ruwa a ƙwarya. Ta jiƙa wani yanki na gashin, ta sunsuna, ta dube ni. Ban san me ya sa ni ta duba ba, alhali mu huɗu ne a wurin.

Ta ce, "Gashi in ya jiƙe yana faɗin abin da ya ci. Wannan wuta ya ci."

Inna ta ce, "Goggo, baki ne."

"Bakin murhu ba."

Ta tsinko sili ɗaya daga kan Yaya, ta tsinko ɗaya daga nawa ba tare da sallama ba, ta jefa su a ƙwaryar. Nawa ya dunƙule ya nannaɗe. Na Yaya, wajen gindi ya nannaɗe kaɗan, daga tsakiya zuwa baki ya kwanta a ruwan a miƙe, ko motsi. Ta ɗauko nawa ta ja shi a hankali tsakanin yatsu, ya ɗan miƙe ya koma. Ta ja na Yaya, ya tsinke nan take. Ta ɗaga bakin wani silin a rana ta nuna wa Inna yadda ya tsage gida biyu.

Ta ce, "Wanda ya miƙe bai komo ba, ba ladabi ya koya ba, mutuwa ya yi. Wa ya yi wannan aikin?"

Na buɗe baki zan ambaci rijiya. Yaya ta riga ni, ta ce, "Ni na sa ta." Ba ta dube ni ba da ta faɗa. Da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Aka ce in kawo kayan aikina. Na kawo matajin, na kuma yi bayanin yayyafin ruwa irin na guga, da muryar wanda har yanzu yake ganin yana da hujja. Goggo ta saurara har ƙarshe, ta ce wa Inna, "Ki gode wa Allah ba daka kika koya mata ba."

Inna ta tambaya ko akwai maganin da zai tashe shi, man shanu, ko man kaɗanya, ko wani saiwa. Goggo ta ce mai yana sa shi laushi a hannu, amma abin da wuta ta cinye ba ya dawowa, kuma in aka bar tsagaggen baki zai ci gaba da tsagewa yana hawa sama, yana karyewa inda ya ga dama. Sai almakashi. A wurinmu a lokacin mace ba ta yanke gashi sai in ciwo ya kama ta. Yaya ta sunkuyar da kai. Goggo ta jiƙa kan duka don ta ga iyakar inda rai ya tsaya, ta bi shi yanki-yanki tana datse duk abin da ya ƙi nannaɗewa. Fiye da rabi ya tafi. Ni aka sa na tattara shi na haƙa rami a bayan ɗaki na binne, kamar yadda ake yi da gashin mace don kada ya faɗa hannun da bai dace ba. Ina binnewa ina tunanin ai ya riga ya faɗa.

Washegari Inna ta ja ni har gidan Madam, da matajin a ƙunshe cikin zane kamar kayan sata. Wai tunda ita ta fara maganar, ita za ta ƙarasa. Madam ta ji labarin ta dafe kai. Ta ce ita ba ta taɓa kusantar da ƙarfe ga gashi mai danshi ba, sai ta wanke, ta yi manyan kalaba, ta bar shi ya bushe ƙarau a inuwa, wani lokaci har kwana. Mai kuma ɗan kaɗan, ba irin na tuyar ƙosai ba. Ta hura wuta ta nuna mini: ta ɗora matajin a gefen garwashi, ba cikin tsakiya ba, ta ɗauke, ta goga shi a kan farin ƙyalle. Ƙyallen ya yi ruwan ƙasa. Ta ce, "Kin ga wannan? Abin da ya yi wa ƙyalle shi zai yi wa kai." Ta jira, ta sake gogawa, sai da ƙyallen ya fito fari tas ta ce yanzu ne. Ƙaramin yanki ake kamawa, a wuce sau ɗaya, in ya yi yawa biyu, ba a tsayawa wuri guda. In an ji ƙara ko ƙauri, a ajiye. Ita kanta sau ɗaya a wata take yi, da damina ma ba ta yi, kitso take yi ta ɗaura ɗankwali kamar kowa.

Na ce, "To Madam, me ya sa ba ki faɗa ba ran nan a kanti?"

Ta ce, "Wa ya tambaye ni? Sabulu na je saya."

Daga nan Goggo ta kafa dokarta. Babu wuta a kan Yaya, ko turaren wuta sai daga nesa. Wanki da karkashi, bushewa a inuwa, man shanu a bakin gashi, kitso manya-manya sako-sako don kada ya ja gindin da ya rage, taja da yatsu kafin mataji. Yaya ta bi dokar kamar mai takaba. 'Yan matan unguwa biyu da suka riga suka kama layi a wurina suka janye, sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta. Maƙwabciya ta ji gaskiyar babbakar, ta yi dariya har da zama a ƙasa, ta aiko wa Yaya da man shanu cikin ƙoƙo.

Abin da ba a sa a doka ba, amma ya fi komai cina, shi ne Yaya ta daina bari in taɓa kanta. A da, duk yamma kafin magariba takan zauna a gabana in shafa mata mai, muna gulmar duniya. Tun ina ƙarama aikina ne. Yanzu in na miƙa hannu sai ta kauce kaɗan, ba faɗa, ba harara, ta ce bari Inna za ta yi. Tana yi mini magana, tana aikena, amma kamar wata baƙuwa mai kirki. Kullum da safe nakan saci kallon ƙeyarta in ga ko ya tofo. Gashi kuwa ba ya jin roƙo, wajen faɗin yatsa ɗaya yake yi a wata. Na ƙirga watannin da suka rage, na ga yatsa uku ne duk abin da zan iya mayar mata, kuma ko su ba ni zan bayar ba. Ina tsoron ranar kitso, amma na fi tsoron ta tafi Kelle muna haka.

Ranar ta zo. Gwaggwannin ango uku suka zauna a kan tabarma a tsakar gida, babbarsu wata doguwar tsohuwa mai goro a kunci, nata kitson ma abin kallo ne. Aka cire ɗankwali. Na ɓuya a bayan turmi. Gashin gajere ne, babu yadda za a yi a ɓoye, amma baƙi ne, cike, da aka zuba ruwa duk ya dunƙule har baki.

Tsohuwar ta ce, "An ce mana har kafaɗa."

Goggo ba ta ɗaga kai ba, ta ce, "An yi mana gobara. Mun kashe."

Tsohuwar ta matso, ta cusa yatsu cikin gashin, ta kama ta ɗan ja, ta saki. Ta tauna goronta. Ta ce, "Gindin na nan. Wa ya yi gobarar?" Duk tsakar gidan aka juyo wajen turmi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "In kin zo ganin ɗaki, za mu caje ki a bakin gari." Mata suka kwashe da dariya, har Inna. Goggo ta ɗauki kibiya ta shiga aiki, ta cusa baƙin zaren ulu a inda tsawo ya gaza, ta tayar da kitson doka wanda in ba ka sani ba ba za ka sani ba. Sai da azahar ta gama.

Yaya ba ta yi dariya da su ba, kuma har aka gama biki ba ta ce mini komai a kan maganar ba.

Ranar da za a kai ta, da safe, motar ta riga ta tsaya a ƙofar gida ana ɗora kaya. Ina ɗaure kwanuka a ɗaki ta shigo da ƙoƙon man shanu a hannu. Ta ce Goggo ta ce a shafa a tsagar kitson kafin a shiga hanya, saboda rana. Na ce bari in kira Inna.

Ta ce, "Inna na da baƙi."

Ta ja kujera 'yar tsugune ta zauna a gabana, ta ba ni baya, ta zame mayafin. Ta miƙo ƙoƙon ta saman kafaɗa.

"Da hannu kawai," in ji ta. "Kuma in na ji kin yayyafa mini ruwa sai na karya ki."

Na lakaci man na soma bin tsagar ɗaya bayan ɗaya, a hankali, tun daga goshi. A ƙeya na ji sabon gashin a ƙarƙashin yatsuna, laushi kamar na jariri. Ban san sanda hawaye suka zubo ba, biyu suka sauka a wuyanta. Ta sa hannu ta shafa wurin, ba ta juyo ba.

Ta ce, "Ba kya jin magana." Ta jingina bayanta da gwiwoyina ta zauna, direba yana ta danna oda a waje, ta ce in ci gaba, akwai sauran wuri a gefen kunne.